Lita biyar na man gujiya da rabin kilo na soda: lissafin sabulun da ya ƙi daskarewa a Tawa

Ina koyar da fizik da shimi a wani lise na nan Tawa. Wata Litinin cikin hunturu, bayan an tashi, wata ɗalibata ta ajin tarminal ta tsaya a bakin ƙofa da leda a hannu. Ta buɗe ta nuna mini gutsure biyu na sabulu. Na farko idan ka danna shi da yatsa sai ya lotsa kamar tuwon da bai ji gari ba, kuma ya jiƙe takardar da aka naɗe shi da maiƙo. Na biyu kuwa ƙam yake kamar dutse, yana marmashewa a gefe, kuma ta gargaɗe ni kada in taɓa shi da jiƙaƙƙen hannu. Duka biyun innarta ce ta yi su, da mai iri ɗaya, a roba ɗaya, mako biyu tsakani.

Innar tana cikin wata ƙungiyar mata masu adashe da suka koyi yin sabulu. A karon farko ta zuba lita biyar na man gujiya da rabin kilo na soda, sabulu ya ƙi daskarewa. Wata maƙwabciya ta ce mata ai soda ce ta yi kaɗan, gaskiya kuma ta faɗa. Sai dai ba ta ce nawa za a ƙara ba. A karo na biyu inna ta ƙara rabin abin da ta sa da farko, ya zama giram 750. Wannan ya daskare, amma matar da ta fara wanki da shi sai da fatar yatsunta ta ɗaye. An yi asarar lita goma na mai, ga kuma kunya a unguwa.

A makon ne muke kan darasin haɗa sabulu a aji, don haka na ce mata ta roƙi innarta izini mu yi lissafin da alƙalumanta na gaskiya.

Abu na farko da muka yi shi ne ajiye lita a gefe. Lita ma'aunin cika ce, sinadarai kuwa ba da cika suke haɗuwa ba. Muka ɗora bidon na lita biyar a kan sikeli, muka cire nauyin bidon ɗin, man ya ba da giram 4600. Man gujiya ya fi ruwa sauƙi, lita ɗaya tana kusan giram 920. Wanda ya ɗauka lita biyar kilo biyar ce ya riga ya ƙara giram 400 da babu su tun bai fara ba.

Daga nan na tambayi ajin: a tukunyar farko, tsakanin mai giram 4600 da soda giram 500, wane ne zai fara ƙarewa? Wannan mai fara ƙarewa shi ne muke kira reyaktif limitan a aji, domin da zarar ya ƙare aiki ya tsaya, ko da ɗayan ya rage tuli. Kusan dukansu suka ce soda, tunda ita ce ƙarama a sikeli. Amsar daidai ce, hujjar kuwa ba ta da ƙafa, kuma irin wannan ya fi ba ni tsoro a kan amsar da ta faɗi ƙiri-ƙiri, don mai ita ba zai gane ya yi kuskure ba sai ranar da sa'a ta ƙi. Na ce su duba tukunya ta biyu: soda giram 750 har yanzu ba ta kai kashi ɗaya cikin shida na nauyin man ba, amma ga shi ta yi yawa har tana cin hannu. Ajin ya yi tsit.

Sikeli nauyi yake faɗa, ba ya faɗin adadin ƙwayoyi. Ƙwayar mai ƙatuwa ce, ta soda kuwa ƴar mitsitsiya. Shi ya sa ake komawa ga mol, wato ƙidayar ƙwayoyi a dunƙule, kamar yadda ƴan kasuwa ke ƙirga albasa da buhu maimakon ɗaya-ɗaya. Mol ɗaya na soda, NaOH, giram 40 ne: sodiyam 23, oksijin 16, haidrojin 1. Man gujiya kuwa gauraye ne na ƙwayoyi iri-iri, amma mafi rinjayen abin da ke cikinsa dangin asid oleyik ne, don haka a aji ana ɗaukarsa kamar tiriyoleyin zalla, mai nauyin giram 885 a mol ɗaya. Kintace ne, amma ga man gujiya kintacen yana kusa sosai da abin da masu sabulu ke samu a aikace.

Sai muka raba. Mai: 4600 a raba da 885, mol 5.20. Soda: 500 a raba da 40, mol 12.5. Nan take wani yaro mai saurin hannu a layin gaba ya ɗaga yatsa ya ce, "Mushe, ashe man ne zai fara ƙarewa, tunda biyar ba ta kai goma sha biyu ba." Rabin ajin suka bi shi. Wannan ne rami na biyu, kuma shi ya fi cin ɗalibai a jarrabawar bak, domin yaro ya yi wahalar komawa mol, sai ya ga kamar ya gama. Saura abu ɗaya bai duba ba, wato yadda sinadaran suke haɗuwa:

```
(C17H33COO)3C3H5 + 3 NaOH → 3 C17H33COONa + C3H5(OH)3
```

Kowace ƙwayar mai tana da rassa uku da ke maƙale a jikin gilisarin, kuma kowane reshe sai an ba shi ƙwayar soda tasa kafin ya balle ya zama sabulu. Ƙwaya ɗaya ta mai tana cin uku na soda, ta ba da uku na sabulu da ɗaya ta gilisarin. Don haka ba a gwada 12.5 da 5.20 kai tsaye. Kowane adadi sai an raba shi da lambar da ke gabansa a jerin: mai 5.20 a raba da 1, yana nan 5.20, soda 12.5 a raba da 3, ya zama 4.17. Wanda ya ba da ƙaramin sakamako shi ne mai fara ƙarewa. Soda ce.

Da na je gidan ranar Asabar na yi ta kewaye-kewaye wajen bayyana wa Hajiya, innar ɗalibata, wannan, sai ita ta yanke mini hanya. Ta ce, "Malam, ai wannan zancen murhu ne. Kowace tukunya duwatsu uku take so. In kana da tukwane biyar da duwatsu goma sha biyu, huɗu za ka ɗora, ta biyar ta zauna ƙasa ɗanya." Na ce wallahi Hajiya kin fi ni iya koyarwa. Tun ranar da misalinta nake shiga aji.

Da an gano mai fara ƙarewa, duk sauran lissafi a kansa ake ɗorawa, a manta da ɗayan tukuna. A jerin, soda uku na ba da sabulu uku, wato ɗaya da ɗaya. Mol 12.5 na soda ba zai taɓa ba da fiye da mol 12.5 na sabulu ba. Mol ɗaya na wannan sabulun, oleyat na sodiyam, giram 304 ne, saboda haka iyakar abin da tukunyar farko za ta iya bayarwa giram 3800 ne. Wannan adadi shi ne abin da lissafi ya ce a samu idan komai ya tafi daidai kuma ko ɗigo bai ɓace ba. Ni ina kiransa sabulun takarda, don a bambanta shi da sabulun hannu, wanda za a ɗora a sikeli.

Abin da ya fi taɓa Hajiya shi ne ragowar. Soda ta iya da mol 4.17 na mai ne kawai, cikin 5.20. Saura mol 1.03, a ninka da 885, kusan giram 910. Kusan lita guda ke nan ta zauna cikin sabulu ba ta da abokin haɗuwa. Shi ne maiƙon da ya jiƙe takarda, shi ne kuma zai sa sabulun ya yi wari irin na tsohon mai idan ya daɗe a zafin Tawa. A zahiri ragowar ba ta zama ƙwayoyi cikakku duka ba: wasu sun rasa reshe ɗaya, wasu biyu, don soda ba ta bin layi ta gama da wannan kafin ta taɓa waccan. Amma wannan bai canza adadin sabulun ba, domin kowace ƙwayar soda sabulu ɗaya take haifarwa, ko daga wane reshe ta ciro shi.

Tukunya ta biyu ba ta ɗauke mu minti biyar ba. Soda giram 750 mol 18.75 ne, a raba da 3, 6.25. Mai yana nan a 5.20. Yanzu mai ne ƙarami, shi zai fara ƙarewa, kuma a kansa za a yi lissafi: 5.20 sau 3, mol 15.6 na sabulu, kusan giram 4740. Sodar da wannan man ke iya ci ita ma mol 15.6 ce, giram 624. Abin da ya haura haka, giram 126, ya zauna a cikin sabulu yana nan soda tsagwaronta. Cikin giram 250 da Hajiya ta ƙara, rabi ya yi aiki, rabi ya zama abin ƙona hannu. Da za ta ƙara kilo guda ma, sabulun ba zai wuce 4740 ba.

Mun tabbatar da haka da abin da muke da shi a labo. Muka narkar da ɗan gutsure daga kowanne a ruwa muka tsoma takardar pH, wadda lambarta ke hawa idan soda ta yi yawa a ruwa. Na farko ya tsaya wajen 9, inda sabulu na kirki ke zama, tsakanin 9 da 10. Na biyu ya haura 12. A nan akwai abin lura: takardar ta kama sodar da ta yi yawa, amma ba ta ce komai ba game da man da ya yi yawa, tunda sabulun farko ma ya nuna lafiya lau. Man da ya rage da yatsa ake gane shi, da takardar da ya jiƙe, da kuma lissafi.

Lamba 624 ita ce daidai wa daida, inda duka biyun za su ƙare tare. Ɗalibata ta so a sa hakan cif. Na hana. Dalili kuwa, 885 ɗin da muka yi aiki da shi kintace ne, sikelin gida kuma yana iya kauce wa gaskiya da giram goma ko fiye. Wanda ya nufi tsakiyar layi, rabin lokaci zai faɗa ɓangaren da soda ta yi yawa, kuma kurakuran biyu ba nauyinsu ɗaya ba: ɗan man da ya rage laushi yake sa wa fata, ƴar sodar da ta rage ciwo take sa mata. Don haka masu sabulu da gangan suke sa soda ta zama mai fara ƙarewa, su rage kamar kashi 5 cikin ɗari. Kashi 95 na 624 ya kama 593, muka tsaya a giram 590. Mol 14.75 ke nan, sabulun takarda giram 4484, man da zai rage kuma kusan giram 250 maimakon 910.

Kafin a zuba na duba abubuwa biyu da kan ɓata lissafi ba tare da an gani ba. Na farko sodar kanta. Tana jan laima daga iska, tana kuma haɗuwa da iskar kabon ta koma kabonat, wanda ba ya aikin da ake so a wannan haɗin na sanyi. Sodar da aka bari a leda buɗe, musamman da damina, za ka ga ta dunƙule ta yi danshi. Idan kashi 10 cikin ɗari na nauyinta ya zama ruwa da kabonat, to giram 590 a sikeli giram 531 ne a aiki, kuma tunda ita ce mai fara ƙarewa, sabulun ma zai ragu da kashi goma ɗin nan cif. Sodar Hajiya sabuwa ce, busasshiya, a rufe cikin gwangwanin roba. Na biyu mazubi. Tukwanen alminiyam da maƙeranmu ke zubawa ba su dace da wannan aiki ba, don soda tana cin alminiyam tana fitar da iskar haidrojin. Tukunya ta lalace, kuma sodar da ta tafi cin ƙarfe ba za ta dawo ta yi sabulu ba. Roba mai kauri muka sa da muciyar itace. Sodar aka zuba cikin ruwa lita ɗaya da rabi a hankali, ba ruwa a kan soda ba, a tsakar gida inda iska ke kaɗawa, da safar hannu. Robar ta yi zafi har ba a iya riƙe gindinta, aka jira ta huce kafin a haɗa da mai.

Bayan mako huɗu ɗalibata ta shigo aji da fara'a, ta ce sun auna, sabulu ya ba da giram 5900. Ta riga ta yi lissafin randima a littafinta, wato kashi nawa cikin ɗari na sabulun takarda aka samu a hannu: 5900 a raba da 4484, sau ɗari, kashi 132 cikin ɗari. Wasu suka fara tafi. Na ce ta zo allo ta faɗa mana daga ina ƙwayoyin sabulun da suka haura mol 14.75 suka fito, alhali soda ta ƙare.

Duk randimar da ta wuce ɗari, abin da take faɗa ɗaya ne: abin da ke kan sikeli ba sabulu zalla ba ne. Muka bi sawun duk abin da ya shiga robar. Mai 4600, soda 590, ruwa 1500, jimilla giram 6690. A irin wannan haɗin ba a tace komai, duk abin da aka zuba yana nan cikin dunƙulen. Sabulu 4484. Gilisarin, mol 4.92 sau giram 92, kusan 450. Man da aka bari da gangan, kusan 250. Waɗannan uku sun kama wajen giram 5190, daidai da nauyin mai da soda da aka zuba, kamar yadda ya kamata tunda haɗuwar sinadarai ba ta ƙara nauyi ba ta rage shi. Abin da ya haura haka zuwa 5900, wajen giram 700, ruwa ne da bai gama bushewa ba, ƙila ma ya ɗan fi haka, tunda wani sabulun ya maƙale a jikin roba da muciya. Na ce ta sake aunawa bayan mako biyu. Ta dawo ta ce ya ragu. Iskar hunturu ce ke ci gaba da shan ruwan.

Don su ga randima ta gaskiya, mun yi ƙaramin gwaji a labo, kuma a nan na juya lamarin da gangan. Muka ɗauki mai giram 20, muka sa soda fiye da kima, muka ƙara alkol don mai da ruwan soda su gauraya, muka dafa na rabin awa. A labo mai ake so ya zama mai fara ƙarewa, don a tabbatar duk ya juye, ragowar soda kuma za a wanke ta. Muka juye haɗin cikin ruwan gishiri mai kauri. Sabulu ba ya narkewa sosai a ruwan gishiri, sai ya taso sama curi-curi, gilisarin da ragowar soda suka zauna cikin ruwan. Muka tace, muka ɗauraye da ruwan gishiri mai sanyi, muka shanya har sikeli ya daina sauka kwana biyu a jere.

Lissafin takarda: 20 a raba da 885, mol 0.0226, sau 3, mol 0.0678, sau 304, giram 20.6. Abin da muka samu a hannu giram 17.9. Randima kashi 87 cikin ɗari. Giram 2.7 da suka ɓace muna iya nuna inda wasu suka tafi da yatsa: farin da ya manne a jikin kwalbar dafawa, wanda ya liƙe a takardar tacewa, da ɗan da ya bi ruwan ɗauraya. Wani rukuni ya samu kashi 104, da na matsa nasu tsakanin yatsu sai ruwa ya fito, ga gishiri yana ƙyalli a kai. Na mayar da su shanya.

Kwanan baya Hajiya ta aiko ɗalibata da sabon saƙo. Sabulun man gujiya zalla yana jinkirin ƙarfi kuma kumfarsa ba ta da yawa, don haka tana so ta sa man kwakwa lita ɗaya a madadin lita ɗaya ta man gujiya, ko sodar tana nan a 590? Ba ta nan. Ƙwayoyin man kwakwa sun fi ƙanƙanta, rassansu gajeru ne, don haka a giram ɗaya akwai ƙwayoyi da yawa, kowace kuma soda uku take nema. Giram ɗari na man gujiya yana cin soda wajen giram 13.6, na kwakwa kuwa wajen 18. Idan ta bar sodar yadda take, man da zai rage zai ƙaru sosai, ta fara komawa wajen tukunyar farko. Na ba ɗalibar alli na ce ta lissafa kowane mai daban, ta haɗa, ta cire kashi biyar. Ta ɗauki lita ɗaya giram 920 ga kowanne: 3680 na gujiya ya nemi soda giram 500, 920 na kwakwa ya nemi wajen 166, jimilla 666, bayan ragi 633. Ta rubuta 630 a bayan hannunta da biro, ta ce za ta auna man kwakwar a sikeli tukuna kafin su zuba ranar Lahadi.